Fitar da Diribatif a Ƙarƙashin Alamar Intigiral: Jagora Mataki-Mataki

Akwai intigiral masu iyakoki da ɗalibin kalkulas zai juya ta kowace fuska, ya gwada sauya harafi, ya gwada raba su gida biyu, amma su ƙi warwaruwa, saboda fankshin ɗin da ke cikinsu ba shi da antidiribatif da za a iya rubutawa da fankshin ɗin da muka saba da su. Irin waɗannan ne ake yi wa dabarar fitar da diribatif a ƙarƙashin alamar intigiral. Leibniz ya bayyana ta a wasiƙar da ya rubuta wa Johann Bernoulli a 1697, shi ya sa ake kiranta ƙa'idar Leibniz, ko da yake ɗalibai da yawa a yau sun fi saninta da sunan Richard Feynman, masanin fiziks ɗin da ya koye ta tun yana makarantar sakandare daga littafin kalkulas na Frederick Woods, ya kuma riƙa amfani da ita wajen warware intigiral ɗin da suka gagari abokan karatunsa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, fitar da diribatif ɗin kansa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda amsa take lalacewa wurare biyu ne: wajen tabbatar da cewa an halatta a shigar da diribatif cikin intigiral, da wajen gano tsayayyar lambar da take fitowa a ƙarshe. A kan waɗannan biyun za mu fi daɗewa.

Abin da ƙa'idar take cewa

A ce muna da fankshin f(x, t) mai haruffa biyu. Harafin x shi ne wanda ake yin intigireshan a kansa, daga p zuwa q, shi kuwa t faramita ne, wato lamba ce da muke riƙe ta a tsaye yayin da ake intigireshan, amma muna da ikon sauya ta daga baya. Da zarar an gama intigireshan, x ya ɓace, abin da ya rage ya dogara ne ga t kaɗai, don haka muna rubuta:

I(t) = ∫ₚ^q f(x, t) dx

Ƙa'idar tana cewa, idan wasu sharuɗɗa sun cika:

I′(t) = ∫ₚ^q ∂f/∂t (x, t) dx

Alamar ∂f/∂t tana nufin a fitar da diribatif dangane da t, a ɗauki x tamkar tsayayyar lamba. Amfanin wannan shi ne, sau da yawa ∂f/∂t ya fi f sauƙi nesa ba kusa ba, domin diribatif ɗin yakan sauko da wani abu da zai soke ainihin abin da ya hana intigiral ɗin farko warwaruwa. Idan aka sami I′(t), sai a yi masa intigireshan dangane da t a koma ga I(t).

Yana da kyau a ga daga ina ƙa'idar ta fito, domin a nan ne sharuɗɗanta suke ɓoye. Diribatif limit ne na [I(t + h) − I(t)]/h yayin da h yake tafiya sifili, kuma tun da iyakokin intigiral biyun ɗaya ne, ana iya haɗa su:

[I(t + h) − I(t)]/h = ∫ₚ^q [f(x, t + h) − f(x, t)]/h dx

Har zuwa nan babu abin da aka yi sai aljabara. Matakin da ke biye shi ne mai haɗari: muna so mu ce limit ɗin intigiral daidai yake da intigiral ɗin limit. A kowane x guda, abin da ke cikin alamar yana tafiya zuwa ∂f/∂t, wannan gaskiya ne, amma intigiral yana tattara dukkan x ne a lokaci ɗaya, kuma yana yiwuwa a wani yanki, musamman kusa da iyakar da fankshin yake hauhawa ko can nesa inda x ba shi da ƙarshe, kusantar ta yi jinkirin da zai ɓata jimillar gaba ɗaya. Idan tazarar daga p zuwa q mai iyaka ce, kuma f da ∂f/∂t duka ba su tsinke ba a kan tazarar har da bakunanta, babu matsala, ƙa'idar tana aiki. Idan kuwa tazarar ba ta da ƙarshe, ko fankshin yana tashi ba iyaka a wani baki, sai an nemo abin da za mu kira rufi: wani fankshin g(x) da babu t a cikinsa, wanda |∂f/∂t| ba ya wuce shi ga dukkan t da ke kusa da inda muke aiki, kuma intigiral ɗin g ɗin ya ba da lamba mai iyaka. Idan an sami rufi, ƙa'idar Lebesgue ta ba da izinin musanya limit da intigiral.

Misali na farko, daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki wannan intigiral:

∫₀¹ (x − 1)/ln x dx

Kafin a yi komai, a duba ko intigiral ɗin yana da ma'ana. A x = 1 sama da ƙasa duka sifili ne, amma ƙa'idar L'Hôpital ta nuna cewa fankshin yana tafiya zuwa 1, don haka babu rami a wurin. Yayin da x yake kusantar sifili, sama yana tafiya −1, ƙasa kuma yana ƙara girma ta ɓangaren ragi ba iyaka, don haka fankshin yana tafiya sifili. Ke nan fankshin yana tsakanin 0 da 1 a duk tazarar, kuma dole amsar ta faɗo tsakanin 0 da 1. Wannan ɗan binciken zai yi mana amfani a ƙarshe.

Mataki na farko shi ne a gano abin da ya tare hanya. A nan ln x ne da ke ƙasa. Tambayar da za a yi ita ce: wane fankshin ne idan aka fitar da diribatif ɗinsa dangane da faramita zai haifar da ln x a sama? Amsar ita ce x^t, domin x^t = e^(t ln x), kuma diribatif ɗinsa dangane da t shi ne x^t · ln x. A kula sosai a nan, domin hannu ya saba rubuta t · x^(t−1), wanda diribatif ne dangane da x, ba shi muke nema ba. Saboda haka sai mu faɗaɗa tambayar zuwa:

I(t) = ∫₀¹ (x^t − 1)/ln x dx

Abin da aka tambaye mu shi ne I(1). Mun kuma sami wani abu kyauta: idan t = 0, sama ya zama 1 − 1, don haka I(0) = 0. Kada a zaɓi wurin saka faramita sai an tabbatar akwai wata ƙima ta t da aka san amsarta ba tare da wahala ba, domin idan babu ita, za a kai ƙarshen lissafi a tsaya da tsayayyar lambar da ba a san ta ba.

Mataki na biyu shi ne fitar da diribatif a ciki. Lambar −1 ba ta da t, don haka ta tafi, ln x na ƙasa kuma tsayayye ne a idon t:

∂f/∂t = (x^t · ln x)/ln x = x^t

I′(t) = ∫₀¹ x^t dx = 1/(t + 1)

Wannan sakamakon na ƙarshe gaskiya ne kawai idan t ya fi −1. Idan t ya kai −1 ko ya yi ƙasa da haka, x^t yana tashi da ƙarfi sosai kusa da sifili har intigiral ɗin ba ya tsayawa a kan wata lamba. A rubuta wannan sharaɗin a gefen takarda nan take, kada a bari sai daga baya.

Mataki na uku shi ne neman izini, wato rufi. A zaɓi wata lamba t₀ da ta fi −1, ko da kaɗan ne, a ce t₀ = −1/2. Idan x yana tsakanin 0 da 1, ƙara girman t yana rage x^t ne, don haka ga kowane t da ya kai t₀ ko ya fi, x^t bai wuce x^(t₀) ba. Intigiral ɗin x^(−1/2) daga 0 zuwa 1 kuwa 2 ne, lamba mai iyaka. To mun sami rufi, kuma tun da ana iya matsar da t₀ kusa da −1 yadda ake so, ƙa'idar ta halatta ga duk t da ya fi −1. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta halatta a dukkan hanyar da za mu bi, daga t = 0 inda muka san amsa, zuwa t = 1 inda muke neman amsa, ba tare da wani giɓi a tsakani ba.

Mataki na huɗu shi ne komawa baya:

I(t) = ln(t + 1) + C

Da aka saka t = 0, sai a sami 0 = ln 1 + C, wato C = 0. Ke nan I(t) = ln(t + 1) ga duk t > −1, kuma amsar tambayarmu ita ce I(1) = ln 2, kimanin 0.693.

Mun nemi amsa ɗaya amma mun sami na dangi guda. Idan aka ba mu (x² − 1)/ln x, amsar ln 3 ce. Idan aka ba mu (x⁷ − x³)/ln x, sai mu rubuta sama a matsayin (x⁷ − 1) − (x³ − 1), mu sami ln 8 − ln 4, wanda shi ma ln 2 ne.

Akwai wani tarko a mataki na huɗu da ya cancanci a tsaya a kansa. An koya wa kowane ɗalibi cewa intigiral ɗin 1/(t + 1) shi ne ln|t + 1|, da sandunan nan biyu. Wanda ya rubuta haka kuma ya manta da sharaɗin t > −1 zai iya saka t = −3 ya sami ln|−2| = ln 2, ya ɗauka ya warware intigiral ɗin (x⁻³ − 1)/ln x. Amsar ƙarya ce. A tazarar 0 zuwa 1, x⁻³ ya fi 1, don haka sama lamba ce ta ƙari, ln x kuma ta ragi ce, ke nan fankshin duk yana ƙasa da sifili, ba yadda za a yi jimillarsa ta zama 0.693. Hasali ma intigiral ɗin ba shi da iyaka sam. Fomular da aka samu ba ta san inda aka haife ta ba. Mai lissafi ne zai riƙe mata iyakarta. Ita kanta ln(t + 1) tana ba da alama, domin yayin da t yake kusantar −1 tana gangarawa ƙasa ba iyaka, kamar yadda intigiral ɗin kansa yake yi.

Mataki na biyar, wanda ban yarda a tsallake shi ba, shi ne gwada amsar da lambobi. Mun riga mun san dole ta kasance tsakanin 0 da 1, kuma 0.693 ta cika wannan. Don ƙarin tabbaci, a lissafa fankshin (x − 1)/ln x a wurare biyar: a x = 0 sifili ne, a 0.25 kimanin 0.541, a 0.5 kimanin 0.721, a 0.75 kimanin 0.869, a 1 kuma 1. Ƙa'idar Simpson da taku 0.25 tana ba da kimanin 0.674. Wannan ya ɗan gaza 0.693, kuma dalilin gazawar a bayyane yake: fankshin yana tashi da sauri ƙwarai daga sifili, har a x = 0.01 ya riga ya kai 0.215, kuma maki biyar ba su isa su kama wannan hawan ba. Duk da haka gwajin ya isa ya kore amsoshi irin su ln 3 ko −ln 2. Mai kwamfuta zai iya samun lambar daidai da wannan:

```python
from math import log
from scipy.integrate import quad
print(quad(lambda x: (x - 1) / log(x), 0, 1)[0], log(2))
```

Inda ba a ba ka faramita ba, kuma zaɓin farko ya ƙi

Misalin da ya wuce ya zo da sauƙi saboda zaɓin farko ya yi daidai. Intigiral ɗin Dirichlet ya fi koyar da darasi, domin zaɓin da ya fi zuwa a zuciya shi ne wanda ba ya aiki:

J = ∫₀^∞ (sin x)/x dx

Abin da ya tare hanya shi ne x na ƙasa. Idan aka saka faramita a cikin sin, wato F(t) = ∫₀^∞ sin(tx)/x dx, diribatif dangane da t zai sauko da x ya soke na ƙasa, kuma F(0) = 0, don haka a ido komai ya yi kyau. Amma abin da ya rage shi ne intigiral ɗin cos(tx) daga sifili zuwa inda ba ƙarshe. Idan aka tsaya a x = R ana samun sin(tR)/t, wanda yake kai da komo tsakanin 1/t da −1/t har abada ba tare da ya zauna a kan wata lamba ba. Babu rufi, domin |cos(tx)| ba ya raguwa komai nisan x. Wannan ita ce alama ta farko da ake gane cewa an yi zaɓin da bai dace ba: intigiral ɗin da aka samu bayan diribatif ba ya tsayawa.

Yana da amfani a ga ainihin halin wannan F. Idan t ya fi sifili, a sauya harafi da u = tx, sai t ya ɓace gaba ɗaya a sami F(t) = J. Idan t yana ƙasa da sifili, F(t) = −J, a t = 0 kuma sifili. Ke nan F a kwance yake a hagu, a kwance a dama, amma yana tsalle a daidai t = 0. Wanda ya lura cewa F′(t) = 0 ga t > 0, sannan ya ɗauko F(0) = 0 don ya gano C, zai kammala da cewa J = 0, alhali kuwa ba haka ba ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauko tsayayyar lamba daga wurin da fankshin ya tsinke. Ƙimar da aka sani ba ta da amfani sai idan akwai hanya marar tsinkewa daga gare ta zuwa inda ake nema.

Zaɓin da ya dace shi ne wanda zai yi ayyuka biyu a lokaci ɗaya: ya soke x na ƙasa, kuma ya danne fankshin a can nesa. Abin da yake yin haka shi ne e^(−tx):

G(t) = ∫₀^∞ e^(−tx) · (sin x)/x dx, inda t > 0

Diribatif ɗin e^(−tx) dangane da t shi ne −x · e^(−tx), don haka:

G′(t) = −∫₀^∞ e^(−tx) sin x dx

Rufin a nan ba shi da wahalar samu. Ga kowane t₀ da ya fi sifili, idan t ya kai t₀ ko ya fi, |e^(−tx) sin x| bai wuce e^(−t₀x) ba, wanda intigiral ɗinsa 1/t₀ ne. Ƙa'idar ta halatta ga duk t > 0. A lura cewa a t₀ = 0 rufin ya rushe, domin 1/t₀ ba shi da ma'ana, kuma t = 0 ɗin ne muke nema. Za mu dawo kan wannan.

Sabon intigiral ɗin sananne ne. Idan aka yi amfani da ∫u dv = uv − ∫v du sau biyu, ana samun antidiribatif −e^(−tx)(t sin x + cos x)/(1 + t²), kuma duk wanda yake shakka zai iya fitar da diribatif ɗinsa dangane da x ya ga ya koma e^(−tx) sin x. A can nesa yana tafiya sifili, a x = 0 kuma −1/(1 + t²) ne, don haka:

G′(t) = −1/(1 + t²)

G(t) = −arctan t + C

Yanzu ina za a samo C? Ba za a iya amfani da t = 0 ba, domin shi ne abin nema. Sai a duba ɗaya ƙarshen. Tun da |sin x| bai taɓa wuce x ba idan x ya fi sifili, (sin x)/x bai wuce 1 a girma ba, don haka |G(t)| bai wuce intigiral ɗin e^(−tx) ba, wato 1/t. Yayin da t yake girma ba iyaka, G(t) yana tafiya sifili, arctan t kuma yana tafiya π/2. Ke nan C = π/2, kuma:

G(t) = π/2 − arctan t, ga duk t > 0

Ana iya gwada wannan nan take. A t = 10 fomular ta ba da kimanin 0.0997, wanda yake ƙasa kaɗan da 1/10, daidai yadda iyakar 1/t ta buƙata. A t = 1 kuma ta ba da π/4, wanda shi kansa sakamako ne mai amfani.

Matakin ƙarshe da littattafai da yawa suke tsallakewa

Da an kai nan, yawancin masu lissafi sukan saka t = 0 su rubuta J = π/2 su wuce. Amsar daidai ce, amma bayan abin da muka gani game da F, wanda ya yi tsalle a daidai sifili, bai kamata mu yarda da wannan matakin ba tare da hujja ba. Mun tabbatar da fomular ga t > 0 ne kawai, kuma abin da ya rage shi ne mu nuna cewa G(t) yana kusantar J yayin da t yake saukowa sifili. Hujjar gajeriya ce, kuma a ganina ta cancanci a koye ta.

A yanke tazarar gida biyu a wani wuri R. A kashi na farko, daga 0 zuwa R, bambancin J da G(t) yana zuwa ne daga 1 − e^(−tx), wanda bai wuce tx ba. Idan aka ninka shi da |sin x|/x, x ya soke x, abin da ya rage bai wuce t ba, don haka bambancin a wannan kashi bai wuce tR ba. A kashi na biyu, daga R zuwa inda ba ƙarshe, a kira e^(−tx)/x da suna w(x). Wannan w yana raguwa ne a hankali zuwa sifili, ko da t sifili ne. Idan aka yi amfani da ∫u dv sau ɗaya, ana samun w(R) cos R tare da intigiral ɗin w′(x) cos x, kuma kowanne daga cikin biyun bai wuce w(R) a girma ba, shi kuma w(R) bai wuce 1/R ba. Ke nan wutsiyar intigiral ɗin ba ta wuce 2/R ba, ga J da G(t) duka, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan iyakar ba ta dogara ga t ba. Idan aka haɗa:

|J − G(t)| ≤ tR + 4/R

Muna da ikon zaɓar R yadda muke so. A ɗauki R = 1/√t, sai ɓangaren dama ya zama 5√t, wanda yake tafiya sifili tare da t. Misali, idan t = 0.0001, R ya zama 100, kuma bambancin bai wuce 0.05 ba. Da wannan ne J = π/2 ya tabbata.

Dalilin da ya sa aka buƙaci wannan ƙarin aikin shi ne, intigiral ɗin Dirichlet yana tsayawa ne kawai saboda ɓangarorin ƙari da na ragi na sin x suna soke juna. Idan aka sa |sin x|/x a madadinsa, intigiral ɗin ba shi da iyaka. Duk lokacin da intigiral yake rayuwa ta hanyar irin wannan sokewar, ba za a sami rufi kai tsaye ba, kuma a nan ne ya kamata a rage gudu.

Yadda ake zaɓar wurin faramita

Babu doka guda da take faɗin inda za a saka t, amma misalan biyu sun nuna hanyar tunani. A dubi abin da ya hana intigiral warwaruwa, sannan a nemi fankshin da diribatif ɗinsa dangane da t zai haifar da abin da zai soke shi. Idan ln x ne a ƙasa, x^t ne magani. Idan x ne a ƙasa kuma tazarar ba ta da ƙarshe, e^(−tx) ya fi dacewa. Idan logaridim ne ko arctan a sama, irin su ln(1 + x) ko arctan x, sai a gwada ln(1 + tx) ko arctan(tx), domin diribatif ɗinsu yana mayar da su kashi na aljabara zalla, wato x/(1 + tx) da x/(1 + t²x²), waɗanda ake iya rarraba su zuwa ƙananan kashi. Idan bayan diribatif sabon intigiral ya fi na farko wuya, ko kuma ya ƙi tsayawa, ba a dagewa, sai a sauya wurin faramita. Wani lokaci kuma I′(t) ba ya fitowa a matsayin fankshin na t kai tsaye, sai dai ya fito da alaƙa da I(t) kansa, kamar I′(t) = −(t/2) · I(t), wanda ake samu daga intigiral ɗin e^(−x²) cos(tx) a kan tazarar 0 zuwa inda ba ƙarshe. Wannan ba gazawa ba ce; ana warware shi a sami I(t) = I(0) · e^(−t²/4), inda I(0) = √π/2.

Idan faramita ya shiga cikin iyakoki

Duk abin da aka faɗa a sama ya ginu ne a kan cewa p da q ba su dogara ga t ba. Idan iyakokin su ma suna motsi da t, a ce daga p(t) zuwa q(t), dole a ƙara kaso biyu saboda faɗin tazarar kanta yana sauyawa:

I′(t) = ∫ₚ^q ∂f/∂t dx + f(q, t) · q′(t) − f(p, t) · p′(t)

Ƙaramin misali zai nuna girman abin da ake rasawa idan aka manta da su. A ɗauki I(t) = ∫₀^t tx dx. Kai tsaye, amsar t³/2 ce, kuma diribatif ɗinta 3t²/2 ne. Idan aka fitar da diribatif a ciki kawai, ana samun intigiral ɗin x daga 0 zuwa t, wato t²/2, kashi ɗaya cikin uku na amsar gaskiya ke nan. Sauran yana zuwa ne daga iyakar sama: f(t, t) = t², a ninka da q′(t) = 1. Iyakar ƙasa tsayayya ce, don haka p′(t) = 0, ba ta ba da komai ba. Idan aka haɗa t²/2 da t² sai a sami 3t²/2, daidai da abin da lissafin kai tsaye ya bayar.